Albashi Ya Ragu, Wa'adin Haya Ya Ƙarato: Me Zan Rubuta wa Mai Gidan?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya uku. Shekara huɗu ke nan ina haya a gida ɗaya, ina biyan kuɗin shekara a dunƙule, kuma ban taɓa wuce ranar biya ba. Wata biyu da suka wuce wurin aikinmu ya zabtare mana kashi ɗaya cikin uku na albashi, aka kuma dakatar da alawus ɗin da na saba cika kuɗin haya da shi. An ba mu takarda cewa bayan wata shida komai zai koma yadda yake. Yanzu saura mako biyar wa'adin haya ya cika, abin da na tara kuwa bai wuce kashi 45 cikin 100 na kuɗin ba. Mai gidan dattijo ne da ya yi ritaya, wakilinsa ne yake karɓar kuɗi. Matata tana ganin in ci bashi a wurin yayanta in biya gaba ɗaya, kada mu tona wa kanmu asiri. Ni kuma ina son in rubuta wa mai gidan ya yarda in biya kashi-kashi, amma duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai kunya ta hana ni, ga kuma tsoron kada wasiƙar ta sa ya ce in tashi. Me zan rubuta, kuma wa zan kai wa?

Daga wani magidanci

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kawo sauƙi, Ya mayar maka da abin da aka rage da alheri. Shawarata ita ce ka rubuta wasiƙar, kuma ka aika ta cikin wannan makon, domin kowace rana da ta wuce tana rage mata ƙarfi. Wasiƙar da ta isa hannun mai gida wata guda kafin wa'adi tana nuna masa mutumin da ya hango matsala ya zo da mafita, ita kuwa wadda ta isa bayan wa'adi ya wuce, ko da kalmominta iri ɗaya ne da na farkon, uzuri kawai za a ɗauke ta. Akwai kuma dalili na zahiri: shi ma dattijon ya riga ya tsara abin da zai yi da kuɗin, kuma idan ka ba shi makonni huɗu yana iya gyara nasa lissafin, amma idan ka bari sai ranar biya, ka jefa shi cikin irin halin da aka jefa ka.

Kunyar da take hana ka rubutu, a ganina, ta samo asali ne daga yadda ka ɗauki wasiƙar a matsayin takardar roƙo. Mutumin da ya saba tsayuwa da ƙafafunsa yana jin nauyin roƙo, wannan kuwa halin kirki ne. Amma abin da za ka aika tayi ne na ciniki tsakanin mutane biyu da suka shekara huɗu suna hulɗa lafiya. Ba ragi kake nema ba, ba kuma yafiya ba, cikakken kuɗinsa za ka ba shi, lokacin biya kawai kake neman a sauya. Idan ka riƙe wannan a zuciyarka, za ka ga alƙalamin ya yi maka sauƙi, kuma wasiƙar za ta fito a taƙaice, ba tare da kuka ko yawan rantsuwa ba.

Kafin ka rubuta ko da kalma ɗaya, ka ɗauko takardar yarjejeniyar hayar ka karanta ta daga farko har ƙarshe. Ka duba ainihin ranar biya, ka duba ko an ba da wasu kwanaki na sassauci bayan ranar, ko akwai tarar jinkiri, da abin da aka ce zai biyo baya idan ba a biya ba, da kuma hanyar da aka amince a riƙa isar da saƙo tsakaninku. Ya kamata ka sani tun yanzu cewa mai gida ba dole ba ne ya karɓi kuɗinsa kashi-kashi matuƙar yarjejeniyarku ta ce a dunƙule za a biya. Idan ya yarda, alfarma ya yi maka, kuma wannan ne ya sa dole tayinka ya zama wanda mai hankali zai duba ya ga bai yi asara ba.

Zuciyar al'amarin lissafi ne, saboda haka mu zauna a kansa. Mu ɗauki kuɗin hayar shekara a matsayin kashi 100, wanda idan aka raba shi wata goma sha biyu, kowane wata yana cin kashi takwas da 'yan kai. Daga cikin 45 da kake da su, ban ga hikimar miƙa su duka ba. Ka ba da 40 a ranar wa'adi, ka riƙe biyar saboda larurar da ba ta sallama, domin idan yaro ya kwanta rashin lafiya alhali ba ka da ko sisi a gefe, kuɗin zubin wata mai zuwa za ka taɓa, daga nan kuma tsarin ya fara rushewa. Saura 60 ke nan a kanka.

Yanzu sai ka zauna da uwargida ku rubuta abin da ke shigowa a wata a halin da ake ciki, wato ragaggen albashin, ku cire abinci da sufuri da kuɗin makaranta da wuta da ruwa da magani da duk wani bashi da kake biya. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da za ka iya yin alkawari da shi, kuma ko shi ma kada ka yi alkawari da dukkansa. A ce bayan wannan lissafi kun ga kashi bakwai ko takwas na iya fita a wata, to ka rubuta shida. Bisa takardar wurin aikinku, wata uku ne za su rage na ragaggen albashi bayan ranar wa'adi, amma ni zan so ka lissafa huɗu. Wuraren aiki sukan yi alkawarin maido da albashi sannan abin ya zarce da wata guda, ko kuma a maido da shi a takarda amma kuɗin ya shigo a makare. Zubi huɗu na kashi shida-shida sun ba da 24, saura 36. Waɗannan sai ka raba su uku, kashi goma sha biyu kowane wata, a lokacin da cikakken albashi ya dawo. Ka ga cikin wata bakwai ka sauke nauyin gaba ɗaya. Alawus ɗin da aka dakatar kuwa kada ka sa shi cikin lissafin ko kaɗan, sai ranar da ka gan shi a asusunka. In ya zo, ka gama biya da wuri, wanda babu mai gidan da zai yi fushi da hakan.

Akwai wani abu a cikin wannan lissafi da ya kamata ka lura da shi, domin shi ne hujjarka mafi ƙarfi, kuma yawancin 'yan haya ba sa ambatonsa. Kashi 40 da za ka biya a ranar farko sun kusa kai kuɗin zaman wata biyar. A ƙarshen wata na huɗu za ka kasance ka biya 64, alhali zaman da ka yi bai wuce na 33 ba. A ƙarshen wata na bakwai ka biya 100, zaman da ka ci kuwa na 58 ne. Ma'ana, babu ranar da za ka kwana a gidan nan ba tare da ka riga ka biya kuɗin kwanan ba, kullum kuɗinka yana gaban zamanka. Abin da mai gida ya fi tsoro shi ne ɗan haya ya zauna wata da watanni a kan bashi sannan ya kwashe kayansa, ko kuma a shiga shari'a. Jimla ɗaya da za ta nuna masa cewa hakan ba zai yiwu a wannan tsari ba ta fi shafi guda na bayanin halin da kake ciki.

Sai dai dole in faɗa maka abin da ke bayan wata na bakwai, don kada ka yi murna da wuri. A duk watannin da kake biyan wannan ragowar, ba ka tara komai na shekara mai zuwa. Idan muka haɗa 36 na ƙarshe da 100 na sabuwar shekara, 136 ke nan da za ka nemo cikin wata takwas na cikakken albashi, wato kashi 17 a kowane wata, ninki biyu na abin da haya ta saba ci maka. Ka tambayi kanka da gaske ko albashinka zai ɗauki wannan, tare da alawus in ya dawo. Idan zai ɗauka, madalla. Idan ba zai ɗauka ba, to ka san cewa baɗi ma za ka buƙaci wani sassauci, kuma lokacin da ya dace ka ɗaga wannan magana shi ne ranar da ka kammala zubi na ƙarshe a kan lokaci, sa'ad da amincinka yake sabo a idon mai gidan. A ranar kana iya neman a mayar da biyan shekara mai zuwa sau biyu, wata shida-shida. Kada ka cusa wannan buƙata cikin wasiƙar yanzu, buƙata ɗaya ta isa wa takarda ɗaya.

Game da ranakun zubi, kada ka sa su daidai da ranar da albashi ya saba shigowa. Ka ba da tazarar kwana biyar zuwa bakwai, yadda idan albashi ya yi jinkirin kwana biyu ko banki ya samu tangarɗa, ba za ka zama mai saɓa alkawari a kan abin da ba laifinka ba. Kuma ka rubuta rana da wata da adadin kuɗi a fili. Kalamai irin su "da zarar abubuwa sun daidaita" ko "nan ba da jimawa ba" su ne suke sa mai gida ya ajiye wasiƙa ya kira wakilinsa, domin ba su ba shi abin da zai riƙe ba.

Mu duba ɓangaren dattijon, tun da amsarsa ta dogara ne da halin da yake ciki fiye da yadda ta dogara da daɗin kalamanka. Mutumin da ya yi ritaya yana iya kasancewa da wannan kuɗin yake ci, yake sayen magani, yake biyan harajin gida da gyare-gyare, wataƙila ma akwai wata babbar hidima da ya ɗaura a kan ranar da ka saba biya. Saboda haka idan ya nuna damuwa ko ya nemi a ƙara kuɗin farko, kada ka ɗauke shi marar tausayi. A ɗaya gefen kuma, shi ma ya san tsadar sauya ɗan haya: gida yakan zauna wata ɗaya ko biyu babu kowa, sai an yi fenti da gyara, sai an biya la'adar nemo sabon mutum, sannan sabon ba a san halinsa ba. Wata biyu na gida a rufe sun kai kusan kashi 17 na kuɗin shekara, asara ce da ba ta dawowa, alhali a tsarinka jinkiri kawai zai jure. Wannan lissafi ne ya sa nake ganin tsoron da kake yi na kora ya fi ƙarfin haɗarin da ke akwai. Amma kada ka rubuta masa wannan a wasiƙa, domin zai yi kama da barazana, kuma ya san shi fiye da kai.

Wa za ka kai wa? Ka rubuta wasiƙar da sunan mai gidan, ka miƙa ta ta hannun wakili idan haka kuka saba, sannan ka tabbatar kwafi ya isa ga dattijon kansa. Dalilin shi ne wakili sau da yawa ikon karɓar kuɗi kawai yake da shi, ba shi da ikon sauya sharuɗɗan yarjejeniya, saboda haka "ba komai, na ji" da zai ce maka a waya ba ta ɗaure mai gidan ba. Ban da haka, wakilai da yawa suna cire ladansu ne daga abin da suka karɓo, don haka biya kashi-kashi yana nufin ƙarin zirga-zirga da jinkirin nasa rabon, ba lallai ne ya isar da buƙatarka da zafin da kake so ba. Duk da haka kada ka tsallake shi ka tafi kai tsaye kamar babu shi, domin wakilin da ya ji an raina shi yana iya ɓata abin da ya kusa gyaruwa. Ka kira shi tukuna, ka gaya masa cikin girmamawa cewa akwai takarda da kake son ta isa ga mai gida, kuma za ka so ku je tare ka gaishe shi in hali ya yi. Dattijo yakan fi natsuwa da wanda ya zo ya zauna a gabansa, takardar kuma ta zama abin da ya rage a hannunsa bayan kun rabu.

Ga yadda nake ganin wasiƙar za ta kasance, sai ka sa ainihin ranaku da adadin kuɗi a inda na sa kashi. Bayan kwanan wata da sunanka da adireshin gidan, ka rubuta:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali. Na rubuto ne game da kuɗin hayar gidan da nake ciki, wanda wa'adinsa zai cika ranar kaza ga watan kaza. Wurin aikina ya rage albashin ma'aikata na tsawon wata shida, kuma an sanar da mu a rubuce cewa za a maido da shi a watan kaza. Na haɗo da kwafin sanarwar. Saboda haka a bana ba zan iya biyan kuɗin a dunƙule kamar yadda na saba cikin shekara huɗu da suka wuce ba, shi ya sa na ga ya dace in sanar da kai tun da sauran lokaci.

"Ina neman alfarmar ka amince in biya cikakken kuɗin kamar haka: kashi 40 a ranar wa'adi, sannan kashi shida a ranar 5 ga kowane wata har wata huɗu, sannan kashi goma sha biyu a ranar 5 ga kowane wata har wata uku, yadda zan kammala a ranar kaza ga watan kaza. Bisa wannan tsari, abin da na biya zai kasance kullum yana gaban watannin da na zauna. Idan albashi ya dawo kafin lokacin da aka faɗa, zan kammala da wuri.

"Idan akwai abin da kake son a gyara a tsarin, a shirye nake in zo mu tattauna a duk lokacin da ya yi maka. Idan kuma ka amince, ina roƙon mu sa hannu a kan wannan takarda, kowa ya riƙe kwafi. Zan yi farin ciki in samu amsa kafin ranar kaza, domin in san yadda zan shirya. Na gode da kyakkyawar mu'amalar da ke tsakaninmu. Allah Ya ƙara girma."

Ka lura da abubuwan da babu su a ciki. Babu labarin kuɗin makarantar yara ko tsadar rayuwa, domin jimla biyu sun isa bayyana dalili, abin da ya wuce haka kuma yana sa mai karatu ya fara tunanin ko matsalar ta fi yadda aka faɗa girma. Babu ƙorafi a kan rufin da ke yoyo ko famfon da ya lalace. Idan akwai gyaran da kake bin sa, maganarsa daban ce kuma ranarta daban, haɗa su wuri ɗaya yana mayar da neman alfarma ya koma ciniki na ja-in-ja. Babu kuma zagin wurin aikinku. Game da takardar shaida, sanarwar rage albashi kaɗai ta wadatar, ba sai ka miƙa takardun asusunka na banki ba, kuma kana iya rufe duk wani bayani a cikinta da bai shafi zancen ba. Idan sanarwar takardar cikin gida ce da aka hana fitarwa, ka nemi ofishin ma'aikata su ba ka 'yar gajeriyar wasiƙa mai tabbatar da ragin da watan da zai ƙare.

Idan ya amince, kada ka bar amincewar a fatar baki. Ba don kana zarginsa ba, sai don mantuwa da sauyin hali: ana iya sauya wakili, dattijo yana iya yin rashin lafiya 'ya'yansa su karɓi ragamar gidan, su kuwa abin da ke rubuce kawai za su gani, wato tsohuwar yarjejeniya da ta nuna ana bin ka 60. Sa hannunsa a ƙasan wasiƙarka da kalmar "na amince" da kwanan wata ya wadatar, in an samu shaida ɗaya ya fi kyau. Ka tabbatar an ambaci cewa ba za a ɗora tarar jinkiri ba matuƙar kana bin jadawalin, in kuwa ya ce sai da ƙari, a rubuta adadinsa. Kowane zubi ka karɓi rasit mai nuna abin da ka biya da abin da ya rage, ko ka biya ta banki ka rubuta bayanin a jikin turawar. Abin da nake gargaɗinka a kansa musamman shi ne tura wani ɓangare na kuɗin ba tare da yarjejeniya ba, da fatan shirunsa ya zama yarda. Karɓar rabin kuɗi ba ya nufin ya amince da jinkirta sauran, kuma a idon yarjejeniyarku kana nan a matsayin wanda bai cika biya ba.

Wataƙila ya nemi tabbaci. Umarnin dindindin ga bankinka na tura kuɗin a ranar da aka sa hanya ce mai kyau, domin ta cire mantuwa daga cikin lamarin. Amma idan aka nemi ka ba da cek masu kwanan wata na gaba, ka yi hattara sosai, domin a ƙasashe da dama cek ɗin da aka kai banki aka tarar babu kuɗi laifi ne da ake hukuntawa, ka ga bashin haya ya rikiɗe ya zama wani abu mafi muni. Kada ka sa hannu a kan cek sai kana da yaƙinin kuɗin zai kasance a wurin. Idan kuma bayan an fara ka hango wani zubi ba zai cika ba, ka sanar da shi mako guda kafin ranar, ka kai abin da ya samu, ka faɗi ranar cikon. Alkawari kaya ne, kuma mai gida yana iya jure saɓawa ɗaya da aka sanar da shi tun da wuri, amma wayar da aka ƙi ɗauka ranar biya tana rusa amincin shekara huɗu.

Shawarar uwargida ba abar yarwa ba ce, kuma ina so ka saurare ta da kyau, domin abin da take karewa mutuncin gidanku ne da kwanciyar hankalin yara. Sai dai ku duba tare: bashin yayanta bai rage ko kashi ɗaya daga abin da ke kanku ba, mai binku kawai ya sauya, daga wanda kuke da yarjejeniya a rubuce da shi zuwa surukin da za ku riƙa haɗuwa da shi a kowace hidimar dangi. Kuma asirin da ake gudun tonawa, a wurinsa ma sai an faɗa. Ni da zan ajiye wannan ƙofa a matsayin ta biyu. Idan dattijon ya ce 40 sun yi masa kaɗan, sai an kawo 60 a ranar farko, a nan ne aron kashi 20 daga yayanta yake da ma'ana, domin kaɗan ne, kuma za ka iya faɗa masa watan da za ka mayar. Amma ka tuna ka sa wannan biyan cikin lissafin wata-wata, kada ka yi wa mutum biyu alkawari da kuɗi ɗaya. Yana kuma iya tsaya maka a matsayin mai lamuni ba tare da ya fitar da komai ba, muddin ya fahimci cewa idan ka gaza shi za a nema.

Idan amsar ta zo a'a gaba ɗaya, har yanzu da sauran hanya, kuma amfanin rubutu da wuri ke nan. Kana iya neman a sabunta hayar na wata shida kawai a maimakon shekara, wanda kuɗinsa 50 ne, tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke hannunka kuwa biyar ce kacal. Kana iya tambayar wurin aikinku ko suna ba da rancen albashi, ko ƙungiyar ma'aikata in kuna da ita, tun da su suka san dalilin ragin. Abin da zan hana ka shi ne rancen gaggawa mai kuɗin ruwa na mako-mako ko wata-wata, irin wanda ake bayarwa ta waya cikin mintuna, domin wa'adinsa yakan cika tun kafin albashinka ya dawo, sai ka koma cin wani bashin don biyan na farko. Kada kuma ka sa wani a ɗaki ɗaya yana biyan ka ba tare da izinin mai gida a rubuce ba, yarjejeniyoyi da yawa sun hana hakan, kuma zai ba shi hujjar da a yanzu ba shi da ita. Komawa gida mai rahusa yana da nasa kuɗin, na dako da la'ada da kuɗin farko na sabon wuri, saboda haka ba ya biyan kansa a kan matsalar wata huɗu. Zai zama abin dubawa ne kawai idan wata na shida ya wuce albashi bai dawo ba kuma babu sabuwar rana tabbatacciya.

Dangane da kora, wasiƙar neman sassauci da aka aika kafin wa'adi ba saɓa yarjejeniya ba ce, domin a ranar da ka rubuta ta ba a bin ka komai. A mafi yawan dokoki fitar da ɗan haya yana bin matakai, a ba shi sanarwa a rubuce da wa'adi, sannan a je kotu in ya ƙi tashi, tsawon wa'adin kuma ya bambanta daga wuri zuwa wuri da kuma irin hayar. Idan har aka kawo maka takardar tashi, kada ka sa hannu a kan komai a ranar, ka kai ta tare da yarjejeniyarku da rasit ɗinka na shekarun baya ga lauya ko ofishin ba da agajin shari'a su duba maka. Waɗannan rasit ɗin ka tattara su wuri ɗaya tun yau, ka ɗauki hotonsu. Daren nan ku yi lissafin kai da uwargida, gobe ka rubuta wasiƙar ka nemo takardar shaidar, jibi ka kira wakilin. Idan mako guda ya wuce ba ka ji komai ba, ka sake kiransa cikin ladabi ka tambayi ranar da za ka iya zuwa gaishe da dattijon.